Jar alama ta kama a haibirid ɗina, wai batir ne ya mutu?

Na_Ringim: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san motocin haibirid. Prius ce ta 2008, ban daɗe da sayenta ba, kuma ita ce haibirid ta farko da na taɓa riƙewa. Jiya ina dawowa daga kasuwar Gujungu sai ga wata jar alama mai kusurwa uku ta kama a dashbod, tare da ta inji. Motar tana tafiya amma ta yi nauyi, inji ya ƙi yin shiru ko na tsaya, sannan akwai wata ƙara kamar ta fanka daga kujerar baya. Bakaniken garinmu ko bonet bai buɗe ba ya ce babban batir ne ya mutu, sai na nemi wani. To haka ake yanke hukunci daga kallo?

Baban_Ummi: Wa'alaikumus salam. Allah ya kiyaye gaba. Ni dai tun farko abin da ya hana ni sayen irin motocin nan ke nan.

Sarkin_Tasha_Ɓaɓura: Malam kada ka tayar da hankalinka, ƙaramin batir ne. Wallahi irin motar nan da zarar ƙaramin batirinta ya yi sanyi sai ta fara haukan fitilu. Canza shi kawai ka huta.

Injiniya_Bichi: Na_Ringim sannu da ƙoƙari. Kafin a yi maganar batir, babba ko ƙarami, amsa mini tambaya ɗaya. In ka taka burki ka danna POWER, koren rubutun nan READY yana fitowa ya tsaya, ko ba ya fitowa?

Na_Ringim: Yana fitowa Injiniya. Da safen nan ma ya fito, amma jar alamar tana nan.

Injiniya_Bichi: Madalla, wannan ya rage mana hanya. Bari in yi bayani saboda sababbin shiga, don na ga muna da su da yawa a nan.

Motar nan ba ta da kik irin na sauran motoci, ba ta da altaneta. Batir biyu gare ta. Ƙaramin, mai bolt 12, yana but ta hannun dama, kuma aikinsa shi ne ya tayar da kwamfutocin motar ya ja makunnan da ke haɗa babban batir da sauran jiki. Babban, wanda ke bayan kujerar baya, shi ke juya inji ya tashi. In ka danna POWER, kwamfuta za ta fara duba ko layin babbar wuta lafiya yake, in ta gamsu sai ta haɗa shi ta nuna maka READY. Daga nan mota ta tashi ke nan, ko da ba ka ji ƙarar inji ba.

Don haka matsalar kashi biyu ce, kuma ba hanya ɗaya ake bi ba. In READY ya ƙi fitowa, ƙaramin batir shi ne wanda ake fara tuhuma, nan Sarkin Tasha yana da gaskiya. Amma mota ta ba da READY, tana tafiya, sannan a tsakiyar hanya jar alama ta kama, fanka ta baya tana ihu, inji ya ƙi hutawa, wannan ya fi kama da kwamfuta ta ga abin da ba ta so a babban batir ta rage dogaro da shi. Duk da haka ba na sayen batir a kan kame-kame. A auna tukuna.

Sarkin_Tasha_Ɓaɓura: Oga Injiniya ni fa a kaina ta faru. Fitilu kala-kala, aka sa sabon ƙaramin batir shi ke nan.

Injiniya_Bichi: Na yarda, kuma shi ya sa zan sa shi ya fara da can, don gwajin ba ya cin ko sisi. Na_Ringim, nemi mitar auna wuta wajen mai gyaran sola ko mai rewaya. Da safe kafin ka tayar da ita, ɗora a kan ƙaramin batir. Lafiyayye zai ba ka kamar 12.4 zuwa 12.6. In ka ga ya yi ƙasa da 12, ya gaji. Sai ka tayar har READY ya fito ka sake aunawa, ya kamata ya haura wajen 14, domin a lokacin babban batir ne ke cajin ƙaramin ta cikin inbata. Ƙaramin kaɗai na ce ka taɓa fa.

Maman_Hanifa: Don Allah ku yi haƙuri in tsoma baki, tunda ana maganar READY. Camry haibirid maigidana ya saya, ni nake kai yara makaranta da ita. Wani lokaci in na danna sai duk fitilun dashbod su kama, rediyo ya yi, amma in na sa giya ba ta motsi. Sai na kashe na sake sannan ta yi. Ita ma batirin ne?

Ɗan_Gumel: Hajiya ba ki taka burki sosai ba ne. In kin danna ba burki, rediyo kawai za ta ba ki, in kin sake dannawa fitilu su kama gaba ɗaya, amma motar ba ta tashi ba. Ki danne burki da kyau, ki danna sau ɗaya, ki jira READY ya tsaya kafin ki taɓa giya. Kuma kada ki zauna jiran yara a wancan halin kina jin rediyo, ƙaramin batir kike sha ba a mayar masa. Gara ki bar ta a READY giya tana P.

Injiniya_Bichi: Haka ne. Sai dai Hajiya in kin tabbatar kina dannewa kuma tana yi, a duba ɗan makunnin da ke saman fedar burki. A sa yaro ya tsaya a baya ya ga ko jar fitilar burki tana kamawa duk sanda kika taka. Wani abu kuma, in kin shigo gida ki tabbatar READY ya ɓace kafin ki fita. Shirun da ta yi ba ya nufin ta mutu, inji zai iya tashi da kansa can anjima, kuma in gareji a rufe yake hayaƙin yana kisa.

Maman_Hanifa: Innalillahi. To na gode ƙwarai, zan kula.

Mai_Sola_Kazaure: Ni tambayata, shi babban batirin ba za a iya ciro shi a ɗora a caja ta sola ya kwana ba? Muna tayar da batiran da suka fi wannan mutuwa.

Ɗan_Gumel: Mai Sola rufa mana asiri 😂 Wannan ba irin naku ba ne. Ya haura bolt 200.

Injiniya_Bichi: Bolt 201.6 ne a rubuce a irin ta Na_Ringim, na Camry ɗin farko ma ya fi haka, 244.8. Duk wayar da ka ga an yi mata ruwan lemo a motar nan ta babbar wuta ce, ba a taɓa ta da hannu haka nan. Mai aikin sai ya kashe mota, ya sa safar hannu ta masu aikin lantarki, ya zare filogin nan ruwan lemo da ke jikin batirin, ya jira kamar minti goma wutar da ta taru a inbata ta sauka, sannan ya auna ya tabbatar. Kuma zare filogin bai kashe wutar cikin batirin kansa ba, raba shi biyu kawai ya yi. Akwai caja ta musamman da ake yi masa, amma ba ta shagonka ba ce Mai Sola.

Na_Ringim: Na dawo. Mun auna da wani mai rewaya. A kashe 12.5, bayan READY 14.1. Wani abin da na lura kuma, sandunan nan na batir a allo sai su cika su zama kore, ban yi nisa ba su zube saura biyu, sai kuma su sake cika nan da nan.

Sarkin_Tasha_Ɓaɓura: To in haka ne cire kan ƙaramin batirin na ɗan lokaci ka mayar, fitilar za ta ɗauke.

Alhajin_Ƙauye: Za ta ɗauke ta dawo. Haka masu sayar da mota suke yi kafin mai saye ya zo, ka tafi da ita kana murna, ba ka yi sati ba ta kama. Ba na cewa haka aka yi wa ɗan'uwanmu, Allah ne masani.

Injiniya_Bichi: Kada ka cire, Na_Ringim. In ka cire ka goge lambar da kwamfuta ta ajiye tare da bayanin halin da batirin yake ciki lokacin da abin ya faru, kuma su muke nema. Ƙaramin batirinka lafiya lau, caji ma yana zuwa. Cika da zubewar sandunan nan da sauri alama ce ta batirin da cikinsa ya ƙanƙance, ɗan kaɗan ya cika shi, ɗan kaɗan ya ƙarar da shi.

Yanzu sai na'ura. Amma ba kowace ba, ƙananan nan da ake yawo da su da yawa lambar inji kaɗai suke gani, sai a ce maka babu komai alhali jar alama na kallonka. Nemi mai manhajar Toyota ta Techstream a kwamfuta, ko ka sami ɗan abin nan na OBD2 mai bulutut ka haɗa da manhajar Dr. Prius a waya. Abu biyu nake so, lambobin da ta ajiye, da wutar kowane rukuni na batirin mota tana READY.

Ka san dalilin da na nace a kan lamba? Jar alamar nan guda ɗaya ce amma cututtuka da yawa ke kunna ta. P0A80 batir ne. P0A93 kuwa inbata ce ke zafi, galibi ɗan famfon da ke zagaya mata da ruwa ne ya tsaya, kuma wannan ba ruwansa da batir. Shi kana iya dubawa yanzu ma. Buɗe bonet mota tana READY, leƙa ƙaramin tankin ruwan da ke manne da inbata, ruwan hoda ne a ciki. In famfon na aiki za ka ga ruwan yana motsi. In ya kwanta lum, kada ka yi tafiya da ita.

Ɗan_Gumel: A ƙara da P0AA6 Injiniya. Ita ce ta kama wani abokina bayan an yi masa aikin esi. Kwamfaresar motar da babbar wuta take aiki, man da ake sa mata daban ne, ND-11. Mai gas ya ɗura masa na sauran motoci, kwamfuta ta ga wuta na zurarewa zuwa jikin mota. Yana kashewa ta ƙi ba da READY sam.

Injiniya_Bichi: Ƙwarai, kuma ruwa in ya shiga ko wata ƙwayar batir ta yi yoyo ita ma lambar da take bayarwa ke nan. Masu ratsa kwari da damina su kiyaye.

Auwalu_Keke: Ni fa a ganina ka manta da batirin kawai ka riƙa tafiya da fetur. Ai tana da inji.

Alhajin_Ƙauye: To wa zai tayar da injin? Ka koma sama ka karanta, an ce babban batirin ne ke juya shi. Ribas ma da lantarki take yi. Kuma ba a tura ta ta tashi.

Hajjo_Dutse: Ƙanina yana da mai lantarki zalla a Kano, shi kuma wani kunkuru ne ke fito masa a dashbod, motar ta koma rarrafe. Duk abu ɗaya ne?

Ɗan_Gumel: Ba ɗaya ba ne Hajjo. Kunkuru yana nufin motar ta rage ƙarfi da gangan, ko caji ya kusa ƙarewa ko batir ya yi zafi. In ya yi caji ta huce kunkurun ya tafi, ba komai. In caji na nan da yawa kuma yana fitowa, ko ya zo da wata alamar mota mai ɗigon mamaki, to shi ma sai na'ura.

Na_Ringim: Salam. Ruwan inbata yana motsi. Na sami wani yaro mai na'ura a Dutse ya zo har gida. Lambobi biyu ne, P0A80 da P3017. Da ya sa na taka burki na sa D na ɗan ba ta wuta, ga abin da ya nuna:

```
Block 5   15.4V
Block 6   15.3V
Block 7   14.1V
Block 8   15.3V
```

Sauran duk tsakanin 15.3 da 15.5 suke. Ya ce na bakwai ne ya mutu.

Injiniya_Bichi: Yauwa, yanzu muka zo wajen. Batirin naka ƙwaya 28 ne a jere, kowace bolt 7.2, kuma cikin kowace akwai ƙananan ɗakuna shida masu bolt 1.2. Kwamfuta ba ta duba su ɗai-ɗai, bibbiyu take haɗawa, shi ya ba da rukuni 14. Lambobin rukunan suna farawa daga P3011 na ɗaya har P3024 na sha huɗu, ka ga P3017 na bakwai ke nan, ya yi daidai da abin da na'ura ta nuna.

To duba tazarar. 15.3 a cire 14.1, saura 1.2. Daidai wutar ɗaki guda. Wato cikin ƙwayoyi biyun da ke rukuni na bakwai, akwai wadda ɗaki ɗaya ya mutu a cikinta. Lafiyayyen batir tazarar rukunansa ba ta cika wuce 0.2 ko 0.3 ba. Tunda a jere suke, wuta ɗaya ke ratsa su duka, raunin guda ya ja wa sauran. Shi ya sa kwamfuta ta daina sakar masa kaya, ta bar inji yana ta aiki, ta buɗe fanka har ƙarshe.

Kuma ba mamaki da ya zama na bakwai. Na tsakiya su suka fi shan zafi, su ne suka fi saurin tafiya. Wannan ya kawo ni kan ƙarar da ka ji. Iskar da ke sanyaya batirin daga cikin mota ake janyo ta, ta wata 'yar taga da ke gefen kujerar baya ta hannun dama. Je ka duba ta. Me kake ɗorawa a wajen?

Na_Ringim: Ranar kasuwa nakan ɗauko mutane da kaya, wani lokaci buhu yana jingine a wajen. Na leƙa da tocila, ƙura ce dam a ciki har da zaren buhu.

Alhajin_Ƙauye: Ka ji ba. Ga hanyar burji, ga ƙurar hunturu, ga zafin Afrilu, sannan a toshe mata hanci da buhun gero.

Injiniya_Bichi: Duk wanda zai yi aikin, a ciro fankar a wanke fukafukanta, in ba haka ba ko sabon batir ka sa haka zai dahu. Kuma da zafi ka riƙa kunna esi, ba don jin daɗinka kaɗai ba, iskar da kake shaƙa ita batirin yake samu. Sannan in an buɗe, kafin a yanke wa ƙwayar hukunci a duba 'yan farantan tagullan da ke haɗa su da siraran wayoyin da kwamfuta ke aunawa da su. Sukan yi koren tsatsa su ba da ƙaryar lissafi. Ban sa rai shi ne naka ba, 1.2 ɗin nan ta yi daidai da yawa, amma dubawa ba ta da tsada. In an auna ɗai-ɗai, za ka ga sauran suna wajen bakwai da rabi zuwa takwas, mai laifin tana shida da wani abu.

Rewaya_Haɗeja: To ai an gama. A sayo ƙwaya ɗaya a Ƙofar Ruwa a musanya. Ina yi, kuma motocin suna kan hanya har yanzu. Me zai sa talaka ya sayi batir sukutum saboda ƙwaya ɗaya?

Ɗan_Gumel: Saboda sauran 27 ɗin sa'anninta ne, rana ɗaya aka haife su, zafi ɗaya suka sha. Yau ka canza ta bakwai, bayan 'yan watanni ta takwas ta ce ga ni. Kowane zuwa kuɗin aiki, ga hanyar Kano.

Rewaya_Haɗeja: Shi wanda za ka sayo sukutum ɗin sabo ne? Na jikin wata tsohuwar motar ne, wataƙila ma ya fi naka gajiya. Wani ma haɗe-haɗe ne aka goge aka rufe.

Injiniya_Bichi: Kowannenku na da abin kamawa. Musanya ƙwaya yana yi in an yi shi da ilimi, wato a gwada ƙarfin kowace da kaya a kanta, a samo wadda ta yi kusa da su, a daidaita cajinsu kafin a ɗaure. Mita kaɗai ba ta isa ba, ƙwaya na iya nuna 7.8 a zaune ta faɗi da an ja wuta. Abin da ke damuna a ta Na_Ringim shi ne sandunan nan masu cika da zubewa. Mutuwar ɗaki guda na iya jawo hakan, amma batirin 2008 ne, zai yi wuya sauran su kasance da ƙarfinsu. Ni da tawa ce, zan sa a gwada duka 28 kafin in zaɓi hanya. In uku ko huɗu suka fito da rauni, faci ɓarnar kuɗi ne.

Rewaya_Haɗeja: Gwajin 28 ɗin nan kwanaki yake ci Oga, wa zai biya?

Baban_Ummi: Ni har yanzu ban ga abin da ya fi Golf ɗina ba.

Sarkin_Tasha_Ɓaɓura: Je ka gidan mai ka dawo ka maimaita, Baban Ummi.

Na_Ringim: Na gode jama'a, Allah ya saka da alheri. Saura abu ɗaya. Zan iya tuƙa ta zuwa Kano a haka, ko sai janwe?

Rewaya_Haɗeja: Tuƙa abarka. Fita da asuba, kai kaɗai ba kaya, kada ka matsa mata.

Injiniya_Bichi: Da yawa suna isa a haka, wasu kuma tana yanke musu a hanya ta ƙi ba da READY, ba wanda zai ba ka tabbas. In za ka gwada, share tagar nan tukuna, cika tanki don kada mai ya ƙare ta koma kan batirin da ba shi da ƙarfi, kuma in ka shiga cunkoson Gezawa ko 'Yankaba kada ka sa N, a N ba ta caji. In ta tsaya kuwa, ban da igiya. Tayoyin gaba in suna juyawa a ƙasa suna juya injin lantarkin da ke tafiyar da su ya haifar da wuta, ana iya ƙona inbata. A ɗaga gaban ko a ɗora ta gaba ɗaya.

Alhajin_Ƙauye: Shi yaron mai na'urar ba zai iya ciro batirin ku kai shi a wata motar ba? Ka huta da kuɗin janwe.

Na_Ringim: Na tambaye shi, ya ce shi karatun lamba ya iya, ba shi da safar. Akwai wanda ya san mai wannan aikin ta wajen Dutse ko Haɗeja? Rewaya, kai kana fita waje?

Rewaya_Haɗeja: Ina fita, amma ba kafin Juma'a ba. Turo mini hoton duka rukunan sha huɗun ta akwati in gani.